Babi na Bakwai: Lambar da Ke Ƙirga Hawa

Ibn Khallikan, malamin tarihin nan na ƙarni na 13, ya kawo wani labari da har yau malaman lissafi ba su gaji da shi ba. Wai wani mai hikima a ƙasar Indiya ya ƙirƙiro wasan da Larabawa ke kira shaɗaranji, wanda ake yi a kan allo mai gidaje 64. Wasan ya burge sarki, sai ya ce masa ya faɗi abin da yake so a ba shi tukwici. Mutumin ya ce shi ba ya son zinariya, ba ya son dawaki. A sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a gida na biyu, huɗu a na uku, takwas a na huɗu, a yi ta ninkawa haka har gida na ƙarshe. Sarki ya ga an raina masa arziki, ya ce a auna a ba shi ya tafi. Sai da ma'aji da mutanensa suka zauna lissafi, sannan suka dawo suna gumi suka ce, ranka ya daɗe, ko an share rumbunan duniya kaf ba za a biya wannan bashi ba.

Ko hakan ta faru ko ba ta faru ba, wannan ba damuwarmu ba ce. Abin da nake so mu yi shi ne mu shiga takalmin ma'ajin, domin tambayoyi biyu ne a gabansa, kuma ba iri ɗaya ba ne. Ta farko: idan na ninka sau ashirin, ƙwaya nawa zan samu? Wannan ita ce tambayar babin da ya gabata, inda muka yi maganar abin da ɗalibai ke kira fawa (ba ta mahauta ba), mu kuma muka sa masa suna hawa. Biyu hawa uku shi ne 2 × 2 × 2, wato 8, ana rubuta shi 2³. Tambaya ta biyu kuwa ta baya take fitowa: ina da ƙwaya miliyan ɗaya a rumbu, ninki nawa za a yi kafin a kai wannan adadi? A nan an san tushe, wato 2, an san inda aka dosa, wato miliyan, abin da ya ɓace shi ne yawan hawan. Amsar irin wannan tambaya ita ake kira logaridim.

Ba wani abu ba ne fiye da haka. Idan 2³ = 8, to logaridim ɗin 8 a kan tushen 2 shi ne 3. Magana ɗaya ce, an dai karanto ta daga ƙarshe zuwa farko, kamar yadda ɗebewa ke warware tarawa, rabawa ke warware sau. Na daɗe ina ganin cewa sunan ne ke firgita yara, ba abin ba. Kuma tunda an zo kan suna, bari in gyara wani kuskure da nake yawan ji: ba daga sunan Alkhawarizmi kalmar ta fito ba. Wadda ta fito daga sunansa ita ce algoridim. Logaridim kuwa John Napier, mutumin Sikotilan, shi ya ƙera ta daga kalmomin Girka biyu, ɗaya mai nufin gwargwado, ɗaya mai nufin lamba.

Tushen da ya fi dacewa da mu shi ne goma, saboda da goma-goma muke ƙirga. Dubi yadda abin ke tafiya. 10 goma ce hawa ɗaya, don haka log 10 = 1. 100 goma ce hawa biyu, log 100 = 2. Dubu, 3. Miliyan, 6. Biliyan, 9. Tiriliyan, wadda a da sai a littafi, yanzu kuwa kullum tana bakin masu karanta kasafin kuɗi a rediyo, 12 ce kacal. Ka ga ke nan a nan logaridim sifilai yake ƙirgawa. Lamba tana tsalle sau goma, shi yana taka taki ɗaya.

To, lambar da ba ta faɗo daidai kan goma ko ɗari ba fa? Ɗauki 2. Goma hawa nawa ne zai ba da 2? Bai kai hawa ɗaya ba, tunda hawa ɗaya ya riga ya kai 10. Ya kuma wuce sifili, tunda kowace lamba hawa sifili 1 take bayarwa. Amsar tana tsakani, kuma kana iya kamo ta da hannunka ba tare da tebur ba. Ninka 2 sau goma: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256, 512, 1024. Ka ga 1,024 ta kusa zama dubu, dubu kuwa hawa uku ce ta goma. Ashe ninki goma na biyu ya yi daidai da hawa uku da ɗan ɗoriya. Raba uku gida goma, kowane ninki ɗaya ya tashi 0.3 da 'yar ɗoriya. Idan aka bi ɗoriyar da kyau, log 2 = 0.3010. Wannan lamba ɗaya, in ka haddace ta, za ta yi maka aikin da ba ka zata ba.

Mu koma wurin ma'aji. Tambayarsa ta biyu ita ce ninki nawa ne ke kai miliyan. Miliyan hawa shida ce, kowane ninki kuma yana ƙara 0.3010. Sai a raba: 6 ÷ 0.3010 ya ba da 19.9 da ɗan abu. Wato ninki 19 bai kai ba, na 20 ya ɗan wuce. Gidan farko ba a ninka komai ba, don haka ninki na 20 a gida na 21 yake faɗawa, kuma lalle a wannan gida ƙwaya 1,048,576 ce. Ba a ko ci sulusin allon ba, gida ɗaya ya riga ya haɗiye miliyan.

Yanzu ga babbar tambayar: duka allon nawa ne? Jimillar gidajen 64 ita ce 2⁶⁴ a cire ɗaya. Ɗayan nan mu ajiye shi gefe, ba zai canza komai a awonmu ba. Mai son wahala yana iya zama ya ninka biyu sau 64, ya cika shafi, ya yi kuskure a layi na arba'in bai sani ba. Mu kuwa sai mu ce kowane ninki 0.30103 ne (na ƙara lamba ɗaya don a fi kusa da daidai), ninki 64 kuma 64 × 0.30103, wato 19.266. Shi ke nan, an gama.

Amma sai an iya karanta wannan amsa, domin 19.266 kashi biyu ce, kowane da saƙonsa. Abin da ke gaban ɗigo, 19, ni kai nake ce masa, shi ke faɗin girman lambar: tana tsakanin goma hawa 19 da goma hawa 20, don haka tsawonta lambobi 20 ne. Kullum ana ƙara ɗaya a kan kai, kamar yadda 100 take da log 2 amma lambobi uku ake rubuta ta da su. Abin da ke bayan ɗigo, 0.266, wutsiya ke nan, ita ke faɗin lambobin da za su zo a farko. Goma hawa 0.266 ya kama 1.845. Saboda haka amsar ita ce 1.845 sau goma hawa 19. Cikakkiyar lambar, ga wanda yake son ganin ta, ita ce 18,446,744,073,709,551,615. Ƙirga lambobinta, ashirin ne. Dubi farkonta, 1844 da 6 a biye, wanda in an cike shi 1845 ne. Sau ɗaya muka yi, muka san tsayinta da fuskarta.

Har yanzu dai lamba ce a takarda, ba ta zama hatsi a ido ba. Bari mu auna ta, mu kuma ga ainihin dabarar da ta sa logaridim ya yi suna. Dubi wannan: 100 × 1,000 = 100,000. Sifili biyu da sifili uku sun zama sifili biyar. An yi sau a sama, an yi tarawa a ƙasa. Dalilin a fili yake, goma biyu da aka ninka, aka haɗa da wasu goma uku, goma biyar ke nan a jere. Wannan ba ga sifilai kaɗai ya tsaya ba, ga kowace lamba haka yake:

log (a × b) = log a + log b

Haka kuma rabawa tana komawa ɗebewa, hawa yana komawa sau, kamar yadda muka yi da 64 ɗazu. Kowane aiki yana sauka mataki ɗaya zuwa wanda ya fi shi sauƙi.

Mu ɗauka ƙwayar alkama ɗaya ta kai nauyin giram 0.05, wato ƙwaya ashirin a giram. Raba da ashirin shi ne ɗebe log 20, wanda yake 1.301. Daga 19.266 saura 17.965, nauyin ke nan a giram. Tan ɗaya giram miliyan ne, sai a ɗebe 6, saura 11.965. Wannan ya kusa 12, wato ya kusa tan tiriliyan ɗaya. Alkamar da duniya duka ke nomawa a shekara a zamaninmu ta kai wajen tan miliyan 800, log ɗinta 8.903. A ɗebe, saura 3.062. Kai uku, wato dubu da wani abu: shekara dubu ɗaya da ɗari da 'yan kai. Da taraktoci da takin zamani da komai, sai duniya ta yi noman sama da shekara dubu ba wanda ya ci ko gurasa ɗaya, kafin a sallami mutumin nan. Duk wannan lissafi, ba mu taɓa lambar da ta wuce ashirin ba sai 64 da miliyan ɗaya da miliyan 800 da muka shigo da su.

Wannan sauƙi shi Napier ya nema. A zamaninsa masu nazarin taurari da matuƙan jiragen ruwa suna kwana suna ninka lambobi masu tsawon bakwai-bakwai da hannu, kuskure ɗaya ya rushe aikin mako. Ya shafe kusan shekara ashirin yana haɗa teburinsa, ya buga shi a Edinbara a 1614. Tsarinsa na farko ba a kan goma yake ba, kuma yana da 'yar murɗiya. Henry Briggs, malamin lissafi a Landan, ya yi tattaki ya same shi a 1615, suka daidaita a kan cewa a mayar da log 1 ya zama sifili, log 10 ya zama ɗaya. Napier ya rasu a 1617, Briggs ya ci gaba da aikin, a 1624 ya fitar da logaridim na lambobi dubu talatin, kowanne da lamba 14 bayan ɗigo, duk da hannu. Wani Baholande mai suna Adriaan Vlacq ya cike giɓin da ya rage a 1628. Daga nan har zuwan kalkuleta ta aljihu a shekarun 1970, kimanin shekara 350 ke nan, injiniya ko mai awon ƙasa ba ya rabuwa da wannan tebur, ko kuma rula mai zamiya da aka zana bisa shi.

Jikan wancan teburin shi ne ɗan littafin nan da muka riƙa a sakandare, wanda muke kira fo-figa. Nawa har ya yi laushi kamar tsumma, bangon ya rabu, na ɗinke shi da zare. Ga yadda ake aiki da shi. A ce ɗan kasuwa ya sayi kwano 286 na wani kaya, kowane kwano naira 4,370. Ka fara da kai, wanda ba a tebur yake ba, kai ne za ka ƙirga: 4,370 lambobi huɗu ce, kanta 3, 286 lambobi uku ce, kanta 2. Sannan ka buɗe tebur ka nemo wutsiya. Layin 43 ƙarƙashin 7 zai ba ka 6405. Layin 28 ƙarƙashin 6 zai ba ka 4564. Ka tara 3.6405 da 2.4564, ka sami 6.0969. Sai ka juya zuwa shafin antilog, wato hanyar komawa gida, ka nemi .0969, ka ga 1250. Kai shida yana nufin lambobi bakwai, don haka amsa 1,250,000.

Lura da wani abu: tebur bai damu da inda ɗigo yake ba. 4.37 da 43.7 da 4,370 duk wutsiyarsu ɗaya ce, 6405, kai ne kawai ke bambanta su. Abin da ya sa 'yan shafuka kaɗan suka isa ɗaukar dukkan lambobin duniya ke nan.

Sai dai in ka yi wannan sau ɗin da hannu, za ka sami 1,249,820. Tebur ya yi ƙarin naira 180. Ba kuskurenka ba ne, iyakar ƙarfinsa ke nan: lambobi huɗu ya yi alkawari, huɗun kuma ya bayar. Ga mai awon gada, wannan tazara ba ta kai a ɗaga kai ba. Ga ɗan kasuwa kuwa, kuɗi ne, kuma ba wanda zai yarda a ce masa tebur ne ya ce. Logaridim yana horar da babbar lamba ne ta hanyar riƙe kanta da sakin jelarta. Wanda yake bukatar jelar, to ya nemi wata hanya.

Wannan rauni yana girma idan hawan ya yi yawa, domin ɗan kuskuren da ke cikin log ɗin shi ma ana ninka shi. A watan Oktoba na 2024 aka gano wata lamba marar rabuwa, wato wadda ba abin da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta, wadda ta zarce duk waɗanda aka sani kafin ita: biyu hawa 136,279,841, a cire ɗaya. Tsawonta lambobi nawa ne? Hanyar dai ita ce ta allon shaɗaranji. Idan ka yi amfani da 0.3010 na fo-figa, za ka sami kai 41,020,232, ka yi kuskure da lambobi sama da dubu huɗu. Idan ka ƙara zuwa 0.30103, za ka sami 41,024,320.5, ka ce tsawonta 41,024,321, ka zarce da ɗaya tak. Sai ka ɗauko 0.30102999566 sannan za ka sami 41,024,319.9, ka ƙara ɗaya a kan kai, ka faɗo kan gaskiya: lambobi 41,024,320. Dokar ita ce log ɗinka ya fi hawan da za ka ninka shi da shi tsawo. Duk da haka, ka tsaya ka yi tunani: lambar da in za a buga ta sai an cika shafi dubbai, mun san tsawonta da sau ɗaya a bayan ambulan.

Kurakuran da ɗalibai ke yi ba su da yawa, amma kowace shekara sai sun dawo kamar damina. Wanda ya taɓa cin ni shi ne na lambobin da ba su kai ɗaya ba. Ɗauki 0.05. Biyar ce aka raba da ɗari, don haka kanta −2 ne, wutsiyarta kuma ta biyar, 0.6990. A fo-figa ana rubuta 2 da 'yar sanda a kanta, sannan .6990, don a nuna cewa kan ne kaɗai ke ƙasa da sifili, wutsiyar tana sama. Ainihin ƙimar ita ce −2 + 0.6990, wato −1.3010, abin da kalkuleta ke nunawa ke nan, kuma 1.301 ɗin nan ne muka ɗebe ɗazu a lissafin alkama. Ni kuwa a wata jarrabawar gwaji sai na ɗauke ta −2.6990 gaba ɗaya. Amsata ta fito ta gaza ta gaskiya sau ashirin da biyar. Malaminmu ya zagaye ta da jan biro, ya kira ni gaban allo ya ce, "Kai, malam, kafin ka buɗe tebur ba ka kintata ba?" Gaskiyarsa. Da na tsaya na ce 0.05 tana tsakanin 0.01 da 0.1, don haka dole log ɗinta ya faɗa tsakanin −2 da −1, da na kama kaina tun kafin ya kama ni. Wannan kintace shi ne maganin rabin kurakuran.

Ɗaya kuskuren shi ne a ɗauka log (a + b) daidai yake da log a + log b. Gwaji ɗaya ya isa rushe shi: log (10 + 10) shi ne log 20, wato 1.3010, alhali log 10 + log 10 biyu ne, wanda yake na ɗari. Logaridim bai san tarawa ba, sau kawai ya sani. Haka kuma in ka danna log 0 a kalkuleta ta yi maka gardama, kada ka ce ta lalace. Tambayar da ka yi mata ita ce goma hawa nawa ne zai ba da sifili, kuma babu. Kana iya raba ɗaya da goma har gobe, zai yi ta ƙanƙancewa, ba zai ƙare ba. Lambar da ke ƙasa da sifili ma haka, a lissafin da muke yi a nan ba ta da log.

Akwai kuma wani hatsari da ya fi waɗannan ɓoyuwa, kuma ba ɗalibai kaɗai yake kamawa ba. Idan an horar da zaki har ya kwanta, mutum yakan manta zaki ne. Tsakanin 6 da 9 da 12 ba wata tazara a ido. Amma daƙiƙa miliyan kwana goma sha ɗaya da rabi ce, daƙiƙa biliyan ta kusa shekara 32, daƙiƙa tiriliyan kuwa ta haura shekara dubu talatin da ɗaya. Ma'aunin girgizar ƙasa, wanda Charles Richter ya fara tsarawa a 1935, a kan logaridim aka gina shi. Ƙarin maki ɗaya yana nufin motsin da na'ura ta rubuta ya ninka sau goma, ƙarfin da ƙasa ta saki kuma ya ninka wajen sau 32. Ƙarin maki biyu, sau dubu. Saboda haka idan ka ji a labarai an ce girgiza mai maki 5 ta auku a wani gari, mai maki 7 a wani, kada ka ce ta biyun ta ɗan fi. A wajen ƙarfi, sai an tara dubu irin ta farkon kafin a sami ta biyun guda ɗaya.

Kafin ka shiga babi na gaba, ga wani aiki da ya fi alkamar sarki kusa da aljihunka. A ce farashin kaya yana tashi da kashi 25 cikin ɗari kowace shekara, wato ana ninka shi da 1.25. Shekara nawa zai ɗauka ya ninka biyu? Da yawa za su ce huɗu, tunda 25 sau huɗu ɗari ne. Tambayar hawa ce, don haka ta logaridim ce. Log 1.25 mun riga mun gamu da shi a lissafin ɗan kasuwa, 0.0969. Raba 0.3010 da shi, za ka sami shekara uku da wata ɗaya da 'yan kwanaki. Ɗauki biro ka gwada da kashi 10 da kashi 30, log 1.1 shi ne 0.0414, log 1.3 kuma 0.1139.